Takarda Uku Kafin A Saki Kuɗin Mai Kawo Kaya: Wacce Ce Shaidar Gaskiya?

Duk kamfani ko ma'aikatar da ke sayen kaya bashi, wato a kawo yau a biya bayan wata ɗaya ko biyu, tana da wani akawu a ofishin kuɗi wanda aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin mai kawo kaya da asusun banki. Kafin ya tura takarda gaba a sa hannu a biya, sai ya baje takardu uku a gabansa. Ta farko ita ce takardar oda, wadda sashen saye ya rubuta yana cewa a kawo mana kaya kaza, adadi kaza, a kan farashi kaza. Ta biyu ita ce takardar da ta rako kayan zuwa sito. Ta uku kuwa ita ce takardar neman biya, wadda 'yan ofis ke kira inbois. Idan bakin ukun ya zo ɗaya, a biya. Idan ya saɓa, a dakata har sai an gano inda saɓanin ya fito.

A faɗe abin da sauƙi, shi ya sa ake yawan yin sa da ka. Sai ka ga an haɗa takardu uku an danna musu fil, an buga hatimi, kowa ya gamsu cewa an bi ƙa'ida, alhali ba a gwada komai da komai ba. Matsalar tana farawa ne daga wata tambaya da ba kasafai ake yi ba: wa ya rubuta kowace takarda?

Oda, mai saye ne ya rubuta ta. Inbois, mai sayarwa ne. Takardar rakiyar kaya kuma fa? Ita ma mai sayarwa ne ya rubuta ta, sau da yawa ma kwamfuta ɗaya ce ta fitar da ita tare da inbois ɗin, daga lissafi ɗaya, a rana ɗaya. Ke nan idan akawu ya gwada takardar rakiya da inbois ya ga sun yi daidai, bai tabbatar da komai ba illa cewa mai kaya bai ƙaryata kansa ba. Mutum ɗaya ne ya yi magana sau biyu. Abin da ke mayar da takardar rakiya ta zama shaida shi ne abin da mai kula da sito ya rubuta a kanta bayan ya ƙirga kayan da hannunsa. A yawancin kamfanoni ma ba a tsayawa kan rubutun da ya yi a jikinta, sai ya cike wata takarda daban ta cikin gida, takardar karɓar kaya, wadda ake gani a fom da kan allon kwamfuta da sunan GRN. Wannan ita ce ƙafa ta uku ta gaskiya. In babu ita, murhun duwatsu biyu ne, tukunya ba za ta zauna ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga farko har ƙarshe. Ba zan ambaci sunan kuɗi ba, domin lissafin ɗaya ne ko da wane kuɗi aka yi cinikin.

Wani kamfani ya ba da odar kaya iri biyu. Layi na farko, fenti bokiti 120, kowane bokiti a kan 450, jimla 54,000. Layi na biyu, burushin fenti dozin 40, kowane dozin a kan 96, jimla 3,840. Odar gaba ɗaya ta kama 57,840. A ƙasan takardar an rubuta sharuɗɗa biyu: mai kaya ne zai kawo har ƙofar sito kuma kuɗin mota yana cikin farashi, sannan za a biya bayan kwana 30.

Mota ta iso da kashi na farko. Takardar rakiya ta ce fenti bokiti 80, burushi guda 480. Mai kula da sito ya sa aka sauke, ya ƙirga, ya sami bokiti 78. A cikin 78 ɗin nan kuma uku sun fashe a hanya, fenti ya tsiyaye. Ya ware su gefe, ya rubuta a jikin takardar rakiya cewa biyu ba su zo ba, uku sun lalace an mayar, ya sa direba ya sa hannu a kwafinsa da kwafin sito. A takardar karɓar kaya ya shigar da bokiti 75. Burushi kuwa ya cika, guda 480.

Bayan kwana huɗu inbois ya iso ofishin kuɗi. Fenti bokiti 80 a kan 465, ya kama 37,200. Burushi guda 480 a kan 8, ya kama 3,840. Kuɗin mota 1,200. Jimla 42,240.

Akawun da ke sauri zai duba ya ce ai odar 57,840 ce, ana neman 42,240, ba a wuce iyaka ba. Zai kuma duba takardar rakiya, idan kwafin da ya zo masa wanda mai kaya ya maƙala wa inbois ne ba wanda sito ya yi rubutu a kai ba, ya ga 80 a nan 80 a can. Shi ke nan sai hatimi. Kuskurensa shi ne ya gwada jimla da jimla. Wannan aiki layi-layi ake yin sa, kuma a kowane layi tambaya biyu ce, kowacce da takardar da ke amsa ta. Farashin da ke inbois, da oda ake gwada shi, domin oda ce yarjejeniya. Adadin da ke inbois kuwa ba da oda ake gwada shi ba, da abin da sito ya karɓa ake gwadawa, domin kamfani ba ya biyan abin da ya nema, abin da ya shigo hannunsa yake biya.

Mu fara da burushi, tunda shi ne mai sauƙi ko da yake shi ya fi tayar da hankali a kallon farko. Oda ta ce 40, inbois ya ce 480. Oda ta ce 96, inbois ya ce 8. Babu lambar da ta yi kama da 'yar'uwarta, amma babu kuskure ko ɗaya. Dozin 40 sau 12 shi ne 480, kuma 96 a raba gida 12 shi ne 8. Ma'auni ne ya bambanta. Irin wannan yana cinye wa ofisoshin kuɗi lokaci ƙwarai: a yi oda da katan a kawo inbois da guda, a yi oda da mita a kawo da nadi, a yi oda da kilo a kawo da buhu. Haɗarinsa ba ya nan inda lissafi ya fita. Yana inda mai kula da sito ya shigar da 480 a gurbin da kwamfuta ke ƙirga dozin, sai littafi ya nuna an karɓi dozin 480, ninki goma sha biyu na abin da ke cikin sito. In iyakar da ke hana karɓar fiye da abin da ke oda ba ta tare shi ba, an buɗe ƙofar biyan kayan da ba su taɓa zuwa ba. Layin burushi dai ya wuce, 3,840.

Fenti ne ke da magana. An nemi kuɗin bokiti 80, sito ya karɓi 75, saboda haka akwai biyar da ba su da madogara. An sa farashi 465, oda ta ce 450, ƙarin 15 a kowane bokiti. Sai kuɗin mota 1,200 wanda babu layinsa a oda sam, hasali ma sharaɗin oda ya ce yana cikin farashi. Abin da takardun uku suka yarda da shi baki ɗaya shi ne bokiti 75 sau 450, wato 33,750, a haɗa da 3,840 na burushi, ya zama 37,590. Tsakaninsa da 42,240 da aka nema akwai 4,650.

Ba a tura wa mai kaya wannan lamba a dunƙule a ce masa inbois ɗinka bai yi daidai ba. Ana warware ta ne, domin kowane ɓangare da mutumin da zai amsa shi. Bokiti biyar ɗin da ba su shiga sito ba, a farashin da ya sa na 465, sun kama 2,325, kuma wannan maganar sito ce, hujjarta ita ce sa hannun direba. Ƙarin 15 a kan bokiti 75 da aka karɓa ya kama 1,125, wannan kuma maganar sashen saye ce. Kuɗin mota 1,200 shi ma nasu ne. In ka tara 2,325 da 1,125 da 1,200 za ka sami 4,650 cif. Idan akawu ya warware bambanci haka bai sami cif ba, to akwai wani abu da bai gani ba tukuna, watakila rangwame da aka manta ko kuskuren haraji.

A nan ne ake gane darajar sa hannun direban nan. Ranar da mai kaya zai ce shi fa 80 ya loda, ba za a yi ta rantse-rantse ba, za a ɗauko kwafin da wakilinsa ya amince a kai cewa 78 suka sauka, uku kuma suka koma. Mai kula da sito da ya sa hannu a takardar rakiya ba tare da ya rubuta komai ba, don direba na sauri ko don magariba ta yi, ya riga ya ba mai kaya shaidar cewa komai ya iso lafiya. Ƙorafin da zai biyo baya washegari rauni gare shi. Idan dole ne a sauke ba a ƙirga ba, abin da ya kamata ya rubuta shi ne an karɓi ɗauri kaza ba a buɗe ba, sai an duba. Wasu kamfanoni ma da gangan suke ba sito kwafin oda wanda aka ɓoye adadi a cikinsa, don kada mai ƙirga ya ga 80 a takarda idonsa ya nuna masa 80 a ƙasa. Dabara ce mai kyau, domin wanda bai san amsar ba dole ya ƙirga.

Game da farashi, akawu ba shi da hurumin yanke hukunci. Yana iya yiwuwa mai kaya ya kira jami'in saye ya ce kaya sun tashi, jami'in ya ce ba komai, amma bai gyara oda ba. In haka ne, hanyar ita ce a gyara odar a hukumance, ta sake bi ta hannun wanda ke da ikon amincewa da wannan adadin kuɗi, da kwanan wata da dalili. Abin da ba a so shi ne wanda ya fi faruwa: inbois ya maƙale, mai kaya na ta waya, sai wani ya shiga kwamfuta ya mayar da 450 ta koma 465 don takardu su daidaita. Daga wannan lokaci oda ta daina zama yarjejeniya, ta zama kwafin inbois. Odita mai ido yana gane wannan cikin sauƙi, tarihin gyaran oda kawai zai buɗe ya ga an canza farashi bayan ranar da inbois ya shigo. Ɗan'uwan wannan shi ne odar da aka rubuta bayan kaya sun riga sun iso. Duk odar da kwanan watanta ya zo bayan na inbois, takardu ukun za su yi daidai ɗari bisa ɗari, don daga inbois aka kwafe sauran.

To yanzu me za a biya? A ganina hanya mafi tsabta ita ce a nemi mai kaya ya aiko da takardar rage bashi ta 4,650, mai ɗauke da lambar inbois ɗin da take gyarawa, sannan a biya 37,590. Wasu ofisoshi sukan biya 37,590 kai tsaye su bar sauran a rataye. Hakan yana hana a ce an riƙe wa mutum haƙƙinsa a kan abin da babu jayayya, kuma idan kwana 30 sun kusa cika ina ganin gara a biya hakan da a riƙe duka. Sai dai yana barin wutsiya: littafin mai kaya zai ci gaba da nuna yana bin 4,650 wata da watanni, kuma a ƙasashen da ake cire harajin sayayya bisa abin da ke rubuce a inbois, takardar da ke hannu ba za ta dace da abin da aka biya ba. Saboda haka ko an biya wani ɓangare, takardar rage bashin nan sai an bi ta. Abin da ba ya halatta ko kaɗan shi ne akawu ya ɗauki biro ya soke lambar da ke jikin inbois ya rubuta tasa. Takardar wani ce.

Labarin bai ƙare ba, domin saura kashi na biyu, kuma a nan ne ko ƙwararru ke tuntuɓe. A lissafin mai kaya ya kawo 80, saura 40. A lissafin sito an karɓi 75, saura 45. Bayan mako biyu mota ta dawo da bokiti 40, duk lafiya, inbois na biyu ya biyo baya da bokiti 40 a kan 450, wato 18,000. In aka ɗauki wannan inbois shi kaɗai, babu abin zargi a cikinsa. Amma idan aka tara, an karɓi 115, an nemi kuɗin 120. Muddin takardar rage bashin farko ba ta iso ba, biyar ɗin nan suna nan suna yawo. Shi ya sa adadin da ake gwada sabon inbois da shi ba adadin oda ba ne, ba kuma duk abin da aka taɓa karɓa ba ne. Abin da aka karɓa ne, a cire abin da aka riga aka kawo wa inbois.

Masu aiki da SAP, manhajar lissafin kamfanoni, sun san yadda wannan ke bayyana. Ana buɗe oda da umarnin ME21N, sito ya shigar da karɓa da MIGO, ofishin kuɗi ya shigar da inbois da MIRO, inbois ɗin da ya saɓa kuma ya sami alamar hana biya har sai an sake shi ta MRBR. To idan layin odar ba a sa masa alamar GR-Bsd IV ba, manhajar tana gwada inbois ne da jimlar abin da aka karɓa a wannan layi, ba da takamaiman saukar da inbois ɗin ke magana a kanta ba. Da zarar bokiti 40 na biyu sun shiga, jimlar karɓa ta zama 115, ta haura 80 da inbois na farko ya nema, sai dalilin tare shi ta fuskar adadi ya faɗi da kansa. Ba a warware komai ba, kayan kashi na biyu ne suka rufe ramin kashi na farko. Gibin zai sake fitowa a inbois na biyu, inda za a ga ana neman 40 alhali 35 suka rage, sai a shiga tuhumar takardar da ba ta da laifi. Da an sa alamar, kowane inbois zai ɗaure ne da saukarsa, rigimar ta tsaya inda aka haife ta.

Akwai kuma wani asusu na wucin gadi da ke bayan fage, wanda a wannan manhaja ake kira GR/IR. Ranar da sito ya karɓi bokiti 75, darajarsu ta 33,750 tana shiga lissafin kayan sito, a ɗaya gefen kuma a rubuta ta a wannan asusu a matsayin bashin da inbois ɗinsa bai zo ba tukuna. Ranar da inbois ya shigo sai ya share wannan rubutu, bashin ya koma sunan mai kaya. Idan komai ya tafi daidai, asusun yana komawa sifiri a kowane layin oda. Abin da ya rage a ciki labari ne: ko kaya sun zo ba a kawo inbois ba, ko an kawo inbois na kayan da ba su zo ba. Wanda ke son sanin lafiyar wannan aiki a kamfani, ya nemi jerin abin da ya wuce wata uku a wannan asusu bai share ba. In jerin ya yi tsawo, takardu ne kawai ake dannawa fil.

Sai batun sassauci. Ba kowane saɓani ne ya cancanci a tsayar da biya a kansa ba. Idan bambancin ya fito ne daga cike lamba a lissafin haraji, lokacin da ma'aikata uku za su ɓata suna binsa ya fi shi tsada. Don haka ake sa iyaka, a ce abin da bai wuce kaza ba ya wuce. A misalinmu, a ce kamfanin ya sa kashi 2 cikin ɗari a kan farashi. Kashi 2 na 450 shi ne 9, ke nan har 459 zai wuce, 465 kuwa ya haura kashi 3, dole ya maƙale. Amma kaso shi kaɗai ba ya isa, domin kashi 2 na odar miliyan goma 200,000 ne, kuma babu mai hankalin da zai kira wannan ɗan bambanci. Ana haɗa shi da iyakar tsabar kuɗi, duk wadda aka fara taɓawa a cikin biyun ta tare. Kuma iyakar nan sirrin gida ce. Mai kayan da ya gano ta zai iya zama a 458 har abada, kowane inbois ya wuce salin-alin. Ba a gane shi ta duban inbois ɗaya, sai an tara na wata shida an ga cewa kuskurensa kullum gefe ɗaya yake faɗawa. Kuskuren gaskiya yakan faɗa nan ya faɗa can.

Sassauci a kan adadi kuwa ya dace ne da kayan da ake aunawa, irin su yashi, mai, ko wayar lantarki da ake yankowa daga nadi, inda ba a samun cif. Bokitin fenti ƙirga shi ake yi. Ko ya zo ko bai zo ba.

Wani abu da masu kawo kaya ke kuka da shi, kuma suna da gaskiya, shi ne yawancin inbois da ke maƙalewa ba laifinsu ba ne. Kaya sun iso tun ranar Litinin, suna sito, har an fara amfani da su, amma takardar karɓa tana cikin aljihun tebur ba a shigar ba. A idon ofishin kuɗi ba a karɓi komai ba. Idan irin wannan ya yi yawa, manajoji sukan gaji su fara ba da umarnin a saki biya da hannu, tun ana yi don larura har ya zama al'ada, sai ranar da inbois na ƙarya ya zo shi ma ya bi layin. Maganin ba ya ofishin kuɗi, yana bakin ƙofar sito: a shigar da karɓa ranar da aka karɓa.

Duk wannan gini yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya, wato hannu uku daban-daban. Wanda ya ba da oda ba shi ne zai karɓi kaya ba, wanda ya karɓa ba shi ne zai shigar da inbois ba. Idan mutum ɗaya na da ikon yin biyu daga ciki a kwamfuta, zai iya ƙirƙirar oda, ya karɓi kayan da ba su wanzu ba, takardu su yi kyau fiye da na gaskiya. A ƙaramin ofis inda ma'aikata ba su kai a raba ba, abin da ya rage shi ne mai sa hannun ƙarshe ya riƙa sauka sito lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba, ya zaɓi takardar karɓa ɗaya ya ce a nuna masa kayan. Gani ya kori ji.

Ko an raba hannayen, akwai abubuwan da wannan gwaji ba ya gani, kuma gara a san su da a dogara da shi a inda ba ya aiki. Ba ya sanin ko 450 farashi ne na adalci. Idan jami'in saye ya haɗa baki da mai kaya tun a oda, komai zai dace. Ba ya sanin ko abin da ke cikin bokitin fentin da aka nema ne ko an sirka shi, mai kula da sito bokiti ya ƙirga. Don haka ne a kayan da ingancinsu ke da haɗari, kamar magani ko kayan gyaran inji, ake ƙara takarda ta huɗu, rahoton masu duba inganci, a biya abin da suka amince da shi kawai. A aikin da ba kaya ba ne, kamar gyara ko gadi ko shara, babu abin da za a sauke a ƙirga, sai a maye gurbin takardar karɓa da takardar shaidar kammala aiki daga sashen da aka yi wa aikin, kuma ƙarfinta bai wuce gaskiyar mai sa hannu ba.

Babban makafin wurinsa kuwa shi ne lambar asusun banki. Takardu ukun suna amsa nawa za a biya da kuma don me, ba sa amsa ina kuɗin za su sauka. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani mai suna iri ɗaya da Quanta Computer na Taiwan, wanda ke yi wa manyan kamfanonin fasaha kayan kwamfuta da gaske. Da saƙonnin imel da inbois da kwangilolin jabu aka sa Google da Facebook suka tura sama da dala miliyan 100 zuwa asusun da yake riƙe da su. Ya amsa laifinsa a wata kotun Amurka a 2019, aka yanke masa shekara biyar. Abin lura a nan shi ne sunan da ya ara na mai kawo kaya ne na gaske wanda aka saba biya. Irin wannan damfara tana iya zuwa a kan oda ta gaskiya da kaya na gaskiya, inda bokiti 75 ɗinmu suna sito, farashi 450, lissafi cif, sai dai wasiƙa ta zo cewa mun canza banki. Canjin asusun mai kaya aiki ne daban da ke buƙatar nasa matakin: a kira shi ta lambar wayar da ke cikin fayil tun asali, ba wadda ke jikin wasiƙar ba, kuma wanda ya shigar da canjin ya zama ba shi ne mai amincewa da shi ba.

Mu koma kan odarmu mu rufe ta. Takardar rage bashi ta 4,650 ta iso, an biya 37,590 na farko da 18,000 na biyu, jimla 55,590. Odar ta 57,840 ce, saura 2,250, wato bokiti biyar sau 450. Sashen saye ne zai yanke ko a kawo su ko a haƙura. In an haƙura, sai a shiga a rufe layin a nuna an gama karɓa, domin layin oda da aka bari a buɗe da bokiti biyar wuri ne da wata takardar karɓa da wani inbois za su iya shigowa bayan wata takwas, lokacin da babu wanda ke tuna yadda aka yi.